Jawabin Bankwana ga Malam Garba, a Madadin Ma'aikatan Sashen Mulki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranka ya daɗe Babban Sakatare, daraktocinmu, 'yan uwa ma'aikata, da iyalan Malam Garba da suka taso tun daga Rano, muna yi muku barka da zuwa.

Abokan aiki sun ɗora mini nauyin yin magana a madadinsu, ni da na zo sashen nan shekara goma sha ɗaya da suka wuce, na tarar da Malam ya riga ya zama uba. Dokar aikin gwamnati ta ce shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Ta farkon ce ta cim ma Baba, kuma ga shi kuna gani, da ƙarfinsa zai tafi.

A 1990 aka ɗauke shi ƙaramin akawu a rajista, zamanin tafireta da takardar kabon, lokacin da kuskuren harafi ɗaya kan sa a sake buga wasiƙa tun daga farko. Bai daɗe da kama aiki ba, ranar 27 ga Agusta 1991, aka cire Jihar Jigawa daga Kano. Yana cikin matasan da aka zaunar suna tsince fayilolin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, wannan ya zauna, wannan a ɗaure shi sai Dutse. Ya sha gaya mana cewa a nan ya gane abin da ke cikin fayil. Idan takarda guda ta faɗi a hanya, mai ita ba zai sani ba sai ranar da ya zo neman ƙarin girma ko fansho.

Shi ya sa duk wanda ya zauna ƙarƙashinsa ya haddace maganar nan tasa: "Yaro, fayil mutum ne, kada ka bar shi ya kwana a ƙasa."

Ni ganau ce. Wata shekara da damina wani tsohon masinja ya zo zai ajiye aiki, ruwa ya ci ɗakinsa, takardar ɗaukarsa aiki ta tafi da sauran kayansa. Ba ta, lissafin shekarunsa ba zai yiwu ba. Dattijon nan ya zauna a bencin ƙofa ya yi tagumi. Malam ya cire babbar rigarsa ya rataye, ya shiga sito. Kwana uku yana komawa bayan an tashi, yana fitowa da ƙura har a gemu, sai da ya zaƙulo kwafin a wani tsohon kundi. Da mutumin ya dawo da zabi biyu don godiya, Malam ya ce ya kai wa jikokinsa, albashinsa ya riga ya biya shi. Wannan masinja ba ɗan uwansa ba ne, ba ɗan garinsu ba ne, kuma babu wanda zai tuhumi Malam da ya ce a dawo wani makon.

Haka ya riƙe mu ma. Idan ka yi kuskure a takarda ba ya tsawa a gaban jama'a, sai ya kira ka gefe, ya zuba maka shayi daga fulas ɗinsa, sannan ya nuna maka layin da yatsa. Da yawa a cikinmu a teburinsa muka koyi rubuta wasiƙar ofis.

Abu ɗaya ne kawai Baba bai taɓa saki ba. Zai ba ka shayinsa, zai ranta maka kuɗin mota, har babur ɗinsa ya sha ba da aro. Amma ka ce ya ara maka biro, sai ya zare murfin ya riƙe a hannu, ya miƙo maka sauran. Ranka ya daɗe, ko kai da ka shigo sa hannu a watan jiya, mun ga murfin bai bar hannun Malam ba! An ce a shekara 35 biro ɗaya ne ya taɓa ɓace masa, kuma har yau ya san sunan wanda ya tafi da shi.

Baba, mun san mun sha ɓata maka rai, da makara, da gaggawa, da ƙuruciya. Muna roƙon ka yafe mana. Mu dai ba ka yi mana komai ba sai alheri. Hajiya, mun gode da haƙurin da kika yi duk ranakun da muka riƙe miki shi har magariba.

Allah Ya sa albarka a gonar da za ka koma, Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya sa haƙƙoƙinka su fito cikin sauƙi, Ya shirya maka zuri'a. Allah Ya sa mu ma mu gama lafiya kamar yadda ka gama.

Yanzu ina roƙon Babban Sakatare ya taso ya miƙa 'yar tsarabarmu: shadda da hula, da darduma, da kuma sabon biro. Sai dai Baba ka yi haƙuri, murfin yana nan wurinmu a rajista. Duk ranar da kake bukatarsa, ka san hanya.

Wassalamu alaikum.