Takardar Janyewa Daga Haɗin Gwiwar Kasuwanci

25 ga Satumba, 2025

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in sanar da kai a rubuce abin da muka riga muka tattauna baki da baki: zan janye daga haɗin gwiwarmu na sayar da kayan gini. Aikin da na karɓa ba ya bar mini lokacin zama a shago, kuma bai dace kana ɗaukar wahalar kai kaɗai ina karɓar riba ba. Babu wani saɓani a tsakaninmu.

Yarjejeniyar da muka sa wa hannu a 2021 ta ce wanda zai fita ya ba da sanarwar wata uku. Don haka ina ba da shawarar ranar fitata ta zama 31 ga Disamba, 2025. Na zaɓi wannan rana ne da dalili. A watan ne za mu biya kason ƙarshe na rancen banki, kuma lokacin ne muka saba ƙidaya kaya mu rufe lissafin shekara, ka ga ba sai an yi aiki biyu ba. Har zuwa ranar ina nan da haƙƙina da nauyina, riba ko asara.

Batun jari kuwa, ka zuba miliyan 3, na zuba miliyan 2, wato kana da kashi 60 cikin 100, ina da kashi 40. Ba miliyan 2 ɗin da na zuba nake nema ba, kasona nake nema daga abin da ya rage bayan an cire bashi, ko ya ƙaru ko ya ragu. Bisa lissafin ƙarshen Agusta, muna da kaya na miliyan 6.2, kuɗi a banki miliyan 1.1, kantoci da sikeli da keken ɗaukar kaya na dubu 700, sai bashin da muke bin mutane miliyan 1.5. Jimla miliyan 9.5 ke nan. Ina so a yi wa kaya kuɗi a kan yadda muka saro su, domin ribar da ba a ci ba tukuna taka ce, kai za ka yi wahalar sayarwa. Siminti da ya daskare da fenti da ya lalace a fitar da su daga lissafi gaba ɗaya.

Ana bin mu miliyan 2: dilan rodi da kwanon rufi miliyan 1.4, banki dubu 600. Duk bashin da aka ci kafin ranar fitata da ni a ciki, ba zan zame ba. Wanda aka ci bayan ranar kuma naka ne kai kaɗai.

Inda na fi so mu natsu shi ne bashin da muke bin mutane. A cikin miliyan 1.5 ɗin nan akwai dubu 500 a hannun 'yan kwangila biyu da suka haura shekara ba su biya ko kaɗan ba, kuma ni da kai mun san da wuya su fito nan kusa. Ba adalci ba ne ka biya ni kaso daga kuɗin da bai shigo hannunka ba. A ware su gefe. Duk abin da aka karɓo daga baya, ka ba ni kashi 40 nawa, in kuma sun nutse, mun yi asara tare. Da wannan, abin rabawa ya zama miliyan 7, kasona miliyan 2.8. Ƙidayar Disamba ce za ta tabbatar da ainihin adadin.

Na san cire wannan kuɗi a lokaci guda zai durƙusar da shagon. Ka ba ni miliyan 1 a ranar fita, ragowar kuma a biya cikin wata shida daidai wa daida, daga ƙarshen Janairu zuwa ƙarshen Yuni, 2026. Kuɗin hayar da muka biya har Maris na bar maka kasona a ciki.

Kafin ranar, ina roƙon mu je banki tare a cire sa hannuna daga asusun, a gyara takardun rajistar kasuwancin, mu kuma rubuta wa dilolinmu cewa daga 1 ga Janairu ba na cikin harkar. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a gare ni, domin wanda bai san na fita ba, yana iya ba da kaya bashi da sunana. Ƙidayar kuma a samo akanta da mu duka muka yarda da shi, mu raba kuɗin aikinsa.

In akwai abin da bai kwanta maka ba, musamman tsarin biyan, ka sanar da ni kafin 15 ga Oktoba mu zauna da shaidun nan biyu da suka sa hannu a yarjejeniyar farko. In mun daidaita, sai a rubuta takardar rabuwa kowa ya riƙe kwafinsa.

Na gode da amanar da ka riƙe mini tsawon shekarun nan. Allah Ya ƙara wa kasuwa albarka.

Naka ƙane,
Usman