Amsar gwaji ga ƴan ajin ƙarshe, Tahoua: daidaiton sukarin jini da zafin jiki

Tambaya: Mene ne homiyostazi? A yi bayanin yadda jiki ke daidaita sukarin jini da zafin jiki.

Amsa: Homiyostazi shi ne yadda jiki ke riƙe yanayin cikinsa kusa da wani ma'auni, ko da waje ya canja. Yana yin haka ta hanyar martani mai soke canji: abu ya hau, jiki ya sauko da shi, ya faɗi, jiki ya ɗaga shi. Da zarar an dawo kan ma'auni, sai martanin ya lafa da kansa.

Sukarin jinin mai lafiya, kafin ya karya kumallo, yana wajen giram 1 a lita. A ce mai azumi ya buɗe baki da dabino da kunu. Gulukos ya shiga jini daga hanji, sukari ya hau. Ƙwayoyin beta na tsibiran Langarhans, a cikin pankiriyas, su ne ke gane hawan, sai su saki insulin. Insulin yana sa tsoka da kitse su janye gulukos daga jini, hanta da tsoka kuma su adana shi a matsayin gilikojen. Sukari ya sauka, sakin insulin ya ragu.

Washegari da la'asar, ciki ba komai, sukari ya fara ƙasa. Nan ƙwayoyin alfa ke sakin gulukagon, shi kuma ya sa hanta ta farfasa gilikojen ta zuba gulukos cikin jini. Ku kula da kyau, ɗalibai, a nan maki ke zubewa: gilikojen ɗin tsoka na tsoka ne kawai, hanta ce ke ciyar da jini. In insulin ya yi ƙaranci, ko ƙwayoyin jiki suka daina jin kiransa, sukari ya zauna a sama, ciwon sukari ke nan.

Zafin jiki kuwa yana wajen digiri 37, kuma hipotalamus da ke ƙwaƙwalwa ne ke lura da shi, yana karɓar saƙo daga fata da kuma ɗumin jinin kansa. A zafin watan Afrilu, jijiyoyin jinin fata suna buɗewa, gumi ya tsattsafo. Bushewar gumin ce ke kwashe zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Ku rubuta bushewar, don fitar gumi kaɗai ba cikakkiyar amsa ba ce. Da asubar hunturu, jijiyoyin fata su tsuke, jiki ya kama makyarkyata, motsin tsokar ya haifar da ɗumi.

A kowane misali ina so in ga abu huɗu a takardarku: canjin da ya faru, abin da ya gane shi, gaɓar da ta yi aiki, da komawa kan ma'auni. Ku haɗa da zane mai kibiyoyi, kibiyar ƙarshe ta koma kan mafari.