Bambance T1 da T2 a hoton MRI na ƙwaƙwalwa: bayani ga ɗaliban da suka zo sashenmu

Assalamu alaikum ƙannena. Na rubuta muku wannan ne don ku karanta kafin zamanmu na ranar Litinin, domin mako huɗu kacal za ku yi da mu, kuma ba na so ku bar sashen nan ba ku iya wannan abu ɗaya ba. In aka buɗe muku hoton MRI na kai, kada bakinku ya furta komai a kan wani wuri mai haske sai kun fara tabbatar da wane irin hoto ne a gabanku. Farin da yake lafiya lau a T2 yana iya zama jini a T1.

Kaɗan daga yadda na'urar take aiki ya ishe ku. Maganaɗisu ne mai ƙarfi, galibi tesla 1.5 ko 3, yana jera ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwa da kitsen jiki, sai a kaɗa su da igiyar rediyo, a saurari yadda suke komawa mazauninsu. Kitse yana saurin komawa, ruwa yana jinkiri. Lokacin da aka zaɓa a saurara shi ke sa hoto ya fito T1 ko T2. Babu hasken ekisire a ciki ko kaɗan, ku riƙa faɗa wa masu jinya haka, domin da yawa suna zuwa da wannan fargabar.

Wurin da za ku fara kai ido shi ne ruwan ƙwaƙwalwa, wanda ke cikin kogunan nan biyu da ke tsakiyar kai, da kuma wanda ke kwance a lungunan saman ƙwaƙwalwa. In ruwan ya fito fari tas, T2 ne. In ya fito baƙi, to ku dakata tukuna, don hotuna biyu ne ke ba da baƙin ruwa, T1 da FLAIR. In yankan ya biyo ta idanu, ƙwayar ido ma za ta taimaka: ruwan cikinta fari ne a T2, mai duhu a T1.

A nan ne akasarin ɗalibai ke tuntuɓe, shi ya sa zan ɗan daɗe a kai. FLAIR ɗan gidan T2 ne, an dai danne hasken ruwan ƙwaƙwalwa ne da gangan don ciwon da ke maƙale a gefen koguna ya fito fili. Wanda ya dogara da launin ruwa kaɗai zai kira shi T1, daga nan kuma duk fassararsa ta karkace. Abin da zai raba muku gardama shi ne naman ƙwaƙwalwar kansa. Ƙwaƙwalwa tana da ɓawo na waje mai launin toka, da farin sashe na ciki inda zaruruwan jijiyoyi suke, kowanne a naɗe da rigar mayelin mai maiƙo. A T1, sashen ciki ya fi ɓawon haske, kamar yadda yake in an yanka ƙwaƙwalwa an duba da ido. A T2 da FLAIR abin ya juye: ɓawon ya fi haske, cikin ya fi duhu. Saboda haka baƙin ruwa da ciki mai haske, T1. Baƙin ruwa da ɓawo mai haske, FLAIR.

Wasu an koya musu su duba kitsen da ke ƙarƙashin fatar kai, wai in ya yi fari T1 ne. Ni ban yarda ku dogara da wannan ba. Kitse fari ne a T1, gaskiya ne, amma irin T2 mai sauri da ake ɗauka a yawancin na'urorin yanzu shi ma yana fito da kitse da haske. Ƙashi mai tauri da iska baƙaƙe ne a duka biyun, haka ma manyan jijiyoyin da jini ke gudu cikinsu da ƙarfi sukan fito baƙaƙe, musamman a T2.

In har yanzu kuna shakka, ku duba kusurwar allo. Za ku ga TR, wato tazarar da ke tsakanin kaɗawa ɗaya da ta gaba, da TE, wato lokacin da ake jira kafin a saurara, da lambobi a gabansu. TR wajen 500 da TE ƙasa da 30 na nufin T1 na gargajiya. TR sama da 2000 da TE wajen 80 zuwa sama na nufin T2. In kuka ga an ƙara TI mai tsawo, wato lokacin jiran da ke danne hasken ruwa, wajen 2000 zuwa 2500, FLAIR ne. Duk milisakan ne. Kada kuma ku manta, gefen hagu na allo shi ne daman mara lafiya.

Jarirai daban suke. Mayelin bai gama naɗuwa ba lokacin haihuwa, don haka hoton jariri yakan yi kamar an juya na babba. T1 yakan kama kamannin na manya wajen shekara ɗaya, T2 kuma sai wajen shekara biyu. Kada ku ga farin sashen jariri ɗan wata uku yana haske a T2 ku ce ciwo ne.

To, mu zo kan wurare masu haske. A rahoto za ku ga an rubuta hyperintense, ma'ana wurin ya fi na kewayensa haske a wannan hoton, ba wani abu ba.

Haske a T2 ko FLAIR kusan kullum yana nufin ruwa ya ƙaru a naman wurin. Matsalar ita ce kusan kowace cuta ta ƙwaƙwalwa tana ƙara ruwa: kumburin da ke kewaye da ƙari, wurin da jini ya yanke wa, ƙwayar cuta, zaizayewar mayelin, tabon tsohon rauni. Dukkansu fari suke fitowa. Hasken shi kaɗai ba ya faɗa muku sunan cutar. Abin da ke faɗa shi ne inda yake, siffarsa, shekarun mai shi, da abin da ya kawo shi asibiti.

Ku ɗauki dattijo ɗan shekara 68 mai hawan jini da ciwon suga, an ga ƙananan ɗigo-ɗigo farare a warwatse cikin farin sashe da gefen koguna, dama da hagu kusan daidai. Wannan galibi aikin ƙananan jijiyoyin jini ne da suka gaji, kuma ana auna yawansa da ma'aunin Fazekas, daga 0 zuwa 3. Ba cutar daji ba ce, wato kansa. Amma ba abin watsarwa ba ne, saƙo ne cewa a riƙe hawan jinin nan da gaske. Irin waɗannan ɗigon, ƙanana 'yan kaɗan, ana ganinsu ma a masu ciwon kai na ɓari ɗaya. In kuwa matashiya ce 'yar shekara 27 da ta taɓa rasa ganin ido ɗaya na 'yan makonni, ga tabo masu siffar ƙwai a tsaye a jikin koguna, wasu a ƙasan ƙwaƙwalwa ko cikin laka, sai tunani ya tafi ga cutar zaizayewar mayelin da ake rubutawa MS. Yaro mai sikila kuma, ƙananan farare a cikin farin sashe suna iya zama wuraren da jini ya taɓa yankewa ba tare da an ga shanyewar jiki ba. Wannan ya shafe mu ƙwarai a nan Arewa, kuma yaron da aka ce ya koma baya a makaranta ba dalili, a tuna da shi.

Farin da ya ɗauki yanki guda, ya haɗa ɓawo da ciki, ya bi iyakar da jijiya ɗaya take shayarwa, a mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye farat ɗaya, wannan toshewar jijiya ce har sai an tabbatar da akasin haka. Sai dai T2 da FLAIR sukan ɗauki sa'o'i kafin su nuna. DWI, hoton da ke bin motsin ƙwayoyin ruwa a cikin nama, shi ne ke nunawa cikin mintoci. Ku buɗe shi tare da ADC, taswirar da ake lissafowa daga gare shi: sabuwar toshewa fari ce a DWI, baƙa a ADC. In fari ce a duka biyun, hasken T2 ne ya ratso, ba sabon abu ba ne. Kumburin da ke kewaye da ƙari ko ƙurji kuwa yakan bi farin sashe kamar yatsun hannu, ya bar ɓawon.

Haske a T1 ya fi sauƙin kamawa, don abubuwan da ke kawo shi ba su da yawa: kitse, jinin da ya yi kwanaki da zuba, ruwa mai kaurin furotin, sinadarin melanin, wasu ma'adinai irin manganis da kan taru a can cikin ƙwaƙwalwar masu ciwon hanta mai tsanani, sai kuma allurar gadoliniyam da ake yi a jijiya don wasu wurare su ƙara haske. Ɗan farin ɗigon da ke bayan halittar fituwitari a T1 na lafiya ne, kowa kusan yana da shi, haka ma ɓargon ƙoƙon kan manya.

Jini yana canja kama da kwanaki. A kwana biyun farko ba ya haske a T1, kuma bayan sa'o'in farko yakan yi duhu a T2. Daga wajen kwana uku sai ya fara fari a T1 alhali yana nan baƙi a T2. Bayan kamar mako guda ya zama fari a duka biyun. In ya tsufa sai ya bar baƙin zobe a T2. Da wannan ake kimanta tun yaushe jinin ya zuba, abin da ke da amfani sosai in dangi sun kasa faɗin ranar da tsohuwa ta faɗi.

Kafin ku ce wani abu yana haske a T1 da kansa, ku tabbata ba a yi allura ba. Ku duba cikin hanci: in fatar ciki ta yi fari ƙal, ga jijiyoyin jini sun haska, an ba da gadoliniyam, kuma sau da yawa za ku ga +C a sunan hoton. Sai ku ajiye na kafin allura da na bayanta gefe da gefe. A cikin naman ƙwaƙwalwa, abin da ya haska bayan allura kawai yana nuna shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ya ɓalle a wurin. In ya haska kamar zobe, yana iya zama ƙurji mai mugunya, ko kansa, ko kansar da ta taso daga wani wuri. A wurinmu dole ku sa tibin ƙwaƙwalwa a lissafi, wanda tsakiyarsa kan yi duhu a T2, da kuma cutar tokso, wato toxoplasmosis, a mai ɗauke da ƙanjamau. Ƙurji mai mugunya tsakiyarsa yakan yi fari sosai a DWI.

Roƙona na ƙarshe a kan masu jinya ne. Za su tare ku a baranda da fim a hannu su ce, "Likita, don Allah mene ne wannan farin?" Kada ku ba da amsa a tsaye daga yanka ɗaya. In ruwan koguna ne a T2, ku gaya musu haka kai tsaye, hankalinsu ya kwanta. In wani abu ne daban, ku ce za a duba dukkan hotunan tare da tarihin mara lafiya, likitan da ya turo shi zai zauna da su. Kalmar kansa kada ta fito daga bakinku a kan hasashe.

Ranar Litinin da ƙarfe takwas zan buɗe muku hotuna goma da aka goge sunayen masu su da rubutun kusurwa. Kowa zai faɗi irin hoton, da abin da ya duba ya gane, kafin mu taɓa maganar ciwo. Allah ya ba da sa'a.