Matsaya: Zaman Kwamitin Tallafin Karatu, Asabar 8 ga Nuwamba, 2025, ƙarfe 10:30 na safe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Shugaba, Hajiya Mataimakiyar Shugaba, da sauran 'yan kwamiti masu girma,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ku cewa an tsayar da ranar zamanmu. Za a zauna ranar Asabar, 8 ga Nuwamba, 2025, daga ƙarfe 10:30 na safe zuwa 12:30 na rana agogon Najeriya da Nijar, in Allah Ya kai mu. Waɗanda ke Kano za su haɗu a ɗakin taro na ofishin Alhaji da ke Titin Gidan Zoo, na nesa kuma za su shigo ta Zoom. Na karanta wa Shugaba wannan wasiƙa ta waya jiya da dare, ya amince da ita, ya kuma umarce ni da in aiko muku a madadinsa. Saboda haka wannan saƙo ya shafe duk wata rana da aka ambata a baya.

Tun ranar Litinin, 13 ga Oktoba, da na nemi jin ranar da ta fi dacewa da kowa, saƙonni 47 suka shigo, kuma da yake kowa yana amsa wa kowa, sai magana ta rabu gida uku. Wasu suna amsa tambayata ta farko, wasu suna amsa shawarar da aka kawo daga baya, wasu kuma sun canza ra'ayi ba tare da sun janye na farko ba. Wani ɓangare na laifin nawa ne, domin na ba da ranaku uku ban faɗi sa'a ba, ban kuma sa wa'adin amsa ba. Ina neman afuwa a kan haka. Na zauna da takarda da biro na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, na ɗauki maganar ƙarshe ta kowane mutum a matsayin ra'ayinsa, inda na ga ruɗani kuma na buga waya na ji daga bakin mai ita.

Kafin in bayyana yadda aka kai ga wannan rana, ya kamata mu tuna da sharaɗin da ke cikin ƙa'idojinmu, domin shi ya raba gardamar. Mu goma sha ɗaya ne, kuma zaman da za a amince da fitar da kuɗi a cikinsa ba ya inganta sai mutum bakwai sun halarta, cikinsu har da Ma'aji, da kuma Shugaba ko Mataimakiyarsa. Yawan masu hali shi kaɗai bai isa ba, sai an duba su waye.

Asabar, 25 ga Oktoba, ita ce ranar da aka fi ambata, kuma mutum takwas sun ce suna da hali, shi ya sa da yawa suka ɗauka an gama magana. Amma Malam Ma'aji zai kasance a Gusau wajen ɗaurin auren 'yar wansa, kuma shi ne waliyyi, ba abin da za a ce ya wakilta wani ba ne. Ya faɗi haka tun ranar 14 ga wata, sai dai saƙon nasa ya nutse a ƙarƙashin wasu da suka biyo baya. Ban da haka, ita ce Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli a Kano, wadda ake taƙaita zirga-zirga har ƙarfe 10:00 na safe, kuma mai fitowa daga Rijiyar Zaki ko Hotoro ba zai iso a kan lokaci ba. Wannan rana ta fita.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, ita ta fi ba ni wahala, domin a lissafin farko ta cika bakwai cif. Da na sake dubawa sai na ga Malam Mai Binciken Kuɗi ya rubuta cewa yana da hali "Lahadi 1 ga Nuwamba", alhali 1 ga Nuwamba Asabar ce. Na kira shi, ya tabbatar mini Asabar yake nufi, ranar Lahadin yana hanyar Jos. Da haka adadin ya koma shida. Shugaba zai tafi Umara ranar 29 ga Oktoba, sai 5 ga Nuwamba zai dawo. Likita a Jidda yana bakin aiki, domin a Saudiyya Lahadi ce farkon makon aiki, hutunsu Juma'a da Asabar ne. Alhaji yana kasuwar Dambatta, wadda ke ci ranar Lahadi, Malam na Kumasi kuma yana da saukar karatu a makarantarsu. Na san wasu daga cikinmu sun fi son Lahadi saboda ita ce ranar da suke samun sararin kansu, amma ba daidai ba ne mu tsayar da ranar da muka san tun yanzu ba za ta cika sharaɗi ba.

An kuma kawo shawarar Asabar, 1 ga Nuwamba, da yammacin Juma'a, 31 ga Oktoba. A duka biyun Shugaba ba ya ƙasar, Hajiya Mataimakiya kuma tana Zariya wajen jinyar mahaifiyarta, wadda aka sa wa ranar tiyata a cikin makon. Allah Ya ba ta lafiya. Babu mai jagorantar zama, don haka ban tsawaita bincike a kansu ba.

Saura Asabar, 8 ga Nuwamba. Mutum tara sun tabbatar za su halarta, cikinsu har da Shugaba, Mataimakiya, Ma'aji da Mai Binciken Kuɗi. Bakwai sun faɗa a rubuce, biyu kuma na ji daga bakinsu ta waya, ciki har da Alhaji, wanda bai amsa ko ɗaya daga cikin saƙonnin ba domin, kamar yadda ya gaya mini, da ya ga yawansu sai ya bari har ƙura ta lafa.

Batun sa'a ma ya jawo saɓani, musamman tsakanin masu son safiya da masu son bayan La'asar. An zaɓi 10:30 ne saboda 'yan'uwanmu na waje. Jidda tana gaban Kano da awa biyu, don haka wajen Likita zaman zai kama daga 12:30 zuwa 2:30 na rana, bayan ya sallaci Azahar kuma kafin La'asar, mu ma a nan za mu tashi kafin a tayar da Azahar a masallatanmu. Da an kai shi ƙarfe 4:30 na yamma kamar yadda wasu suka nema, da zai faɗa tsakanin Magariba da Isha'i a can, mu kuma Magariba ta riske mu ba mu gama ba. A Kumasi zaman zai fara 9:30 na safe. Hajiya ta Manchester, ina roƙon ki lura da wannan: kin rubuta cewa agogonku ɗaya da namu, kuma haka ne a yau, amma ranar Lahadi, 26 ga Oktoba, za a mayar da agogon Birtaniya baya da awa ɗaya, saboda haka a wajenki ma 9:30 na safe ne, ba 10:30 ba.

Mutum biyu ba za su samu zuwa ba, wato Barista, wanda zai kasance a Legas, da Malama ta Damagaram, wadda ke da taron iyayen yara a makarantarta. Na yi magana da kowannensu, kuma ina gode musu da suka yarda a ci gaba. Rashinsu ba ƙaramin rashi ba ne, musamman Malama, wadda ita ta ziyarci gidajen ɗalibai biyar daga cikin masu nema, ta ga halin da suke ciki da idonta. Ina roƙon su aiko mini da ra'ayinsu a rubuce zuwa ranar Laraba, 5 ga Nuwamba, zan karanta shi a zaman kamar yadda suka rubuta, a kuma shigar da shi cikin rahoton taro.

Wannan rana tana da tsadarta, kuma gara in faɗe ta a fili. Ɗalibai shida daga cikin 23 da suka nemi tallafi dole a biya musu kuɗin rajista zuwa Juma'a, 14 ga Nuwamba, wato kwana biyar na aiki kacal za su rage mana bayan zaman. Ɗaya daga cikinsu yarinya ce marainiya da ke shekarar ƙarshe a karatun jinya, wadda kakarta ta kira ni sau uku a wannan mako tana tambaya ko an zauna. Idan muka sake ɗagawa, ita da irinta za su ɗauki nauyin jinkirinmu. Don haka za a yi aikin share fage tun kafin ranar. Malam Ma'aji zai karɓo bayanin asusu daga banki ya miƙa wa Mai Binciken Kuɗi zuwa Litinin, 3 ga Nuwamba. Ni zan aiko wa kowa da taƙaitaccen bayanin masu nema ranar Talata, 4 ga wata, domin a karanta a gida, kada a ɓata lokacin zama wajen karatu. Shugaba da Ma'aji, masu sa hannu a asusu, sun yi alkawarin kasancewa a Kano ranar Litinin, 10 ga wata, don a fara biya da safe.

Abu biyu kawai za a tattauna: amincewa da sunayen waɗanda za a tallafa wa a wannan zango, da adadin da za a ware wa kowa. Maganar ƙarin kuɗin wata-wata da ta taso a tsakiyar saƙonnin tana da muhimmanci, amma tana buƙatar zamanta daban, kuma na rubuta ta cikin abubuwan da za a duba a zama na gaba. Hajiya ta Manchester ta ba mu aron asusunta na Zoom wanda ake biya, domin na kyauta yana yankewa bayan minti 40. Zan aiko da mahaɗin shiga ranar Alhamis, 6 ga wata.

Akwai wani abu da ya dame ni, wanda nake roƙon a kula da shi. A cikin amsoshin da aka yi ta yi wa kowa, an saka adireshin mutum biyu da ba 'yan kwamiti ba, na tabbata bisa kuskure, kuma takardar da ke ɗauke da sunayen ɗaliban da bayanin halin gidajensu tana maƙale a ɗaya daga cikin saƙonnin. Waɗannan yara sun ba mu sirrinsu ne bisa amana. Na roƙi mutanen biyu su goge ta, sun kuma ce sun goge. Daga yau a daina amsawa a kan tsohon jerin saƙonnin gaba ɗaya.

Abin da nake nema daga kowa ɗaya ne. A danna Reply, ba Reply All ba, a rubuto mini "Na gani, zan zo ofis" ko "Na gani, zan shigo ta Zoom", kafin ƙarfe 6:00 na yammacin Juma'a, 24 ga Oktoba. Wanda ban ji daga gare shi ba, zan kira shi ranar Asabar. Idan wani uzuri ya taso wa ɗayanmu daga baya, ya sanar da ni kai tsaye, ni kuma in kai wa Shugaba. Ba za a taɓa wannan rana ba sai in masu halarta sun gaza bakwai, ko Ma'aji ya samu larura, kuma in hakan ta faru Shugaba ne kaɗai zai sanar da sabuwa.

Na gode da haƙurinku da kuma lokacin da kuke bayarwa saboda waɗannan yara. Allah Ya kai Shugaba lafiya Ya dawo mana da shi lafiya, Ya sanya albarka a auren gidan Malam Ma'aji, Ya kuma nuna mana ranar.

Wassalam.

Naku,
Sakataren Kwamitin Tallafin Karatu
Kano, Talata, 21 ga Oktoba, 2025