Tsarin Taron Bita na Yini Ɗaya ga Matasa: Matsin Lambar Abokai da Zaɓin Abin da Ya Dace

An tsara wannan bita domin matasa 24, maza da mata, masu shekara 13 zuwa 17, kuma za a gudanar da ita ranar Asabar daga ƙarfe 9:00 na safe zuwa 1:00 na rana, ƙarƙashin jagorancin malamai biyu, namiji da mace. Abubuwan da ake buƙata su ne allo da alli, da manyan takardu biyu, da ƙananan katuna, da alƙalami ga kowane mahalarci, da akwati ɗaya mai murfi. A jera kujeru a da'ira, kuma malamai su zauna a cikinta tare da matasan.

Tunanin da aka gina tsarin a kansa shi ne cewa yawancin matasa sun riga sun san satar amsa a jarrabawa ba daidai ba ce, sun kuma san illar shan ƙwaya. Abin da ke kayar da su shi ne lokacin da idanun abokai suke kansu, aka ce musu "kai matsoraci ne", su kuwa ba su da amsa a baki. Saboda haka an taƙaita jawabi, an ba gwaji da maimaici kaso mafi tsoka na lokacin. Malamin da ya ji bakinsa na ƙaiƙayin yin wa'azi ya daure, domin sun sha jin irinsa.

Buɗewa da ƙa'idojin zama (9:00 zuwa 9:20)

Kowa ya faɗi sunansa da abu ɗaya da ya iya. Daga nan matasan da kansu su kafa ƙa'idojin zama, malama tana rubutawa a allo. Idan ba su ambaci waɗannan biyun ba, a ƙara su: ba a kama sunan kowa idan ana ba da labari, kuma wanda ba ya son yin magana yana da damar cewa a wuce shi. A gaya musu tun yanzu, ba tare da kwana-kwana ba, cewa abin da aka faɗa a ɗakin zai tsaya a ɗakin, sai fa idan ya nuna ana cutar da wani ko rayuwarsa tana cikin haɗari, domin a nan wajibi ne malamai su nemi taimakon waɗanda alhakin ya rataya a wuyansu.

Gwajin layuka (9:20 zuwa 10:00)

Kafin a fara zama, malam ya keɓe matasa shida ya gaya musu sirrin wasan. A takarda ta farko an ja layi guda ɗaya, a ta biyu kuma an ja layuka uku masu lamba 1 da 2 da 3, ɗaya daga cikinsu daidai yake da na farko, sauran biyun kuma bambancinsu a fili yake. Za a tambayi mutum shidan nan ɗaya bayan ɗaya wanne layi ne tsawonsa ya yi daidai da na farko, kowannensu ya ba da amsar kuskure iri ɗaya cikin natsuwa, sannan a ce sauran su ɗaga hannu su nuna nasu zaɓin. Kada a ware mutum ɗaya a sa shi a gaba, domin manufar ba ta kunyata kowa ba ce.

Bayan an tona sirrin, tambayar da za a yi ita ce: "Me kuka ji a ranku sa'ad da kuka ga idonku yana faɗa muku abu ɗaya, abokanku kuma suna faɗin wani?" Yawanci za a ji wani ya ce ya ɗauka shi ne bai gani da kyau ba, wani kuma ya ce ya san amsar, amma bai so ya zama shi kaɗai ba. A rubuta amsoshin biyu a allo, domin hanyoyi ne mabambanta da matsin lamba ke bi: ɗaya yana sa mutum shakkar kansa, ɗaya kuma yana sa shi ɓoye abin da ya sani.

Sai malam ya ba su asalin gwajin a taƙaice. Masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ne ya yi shi a Amurka, ya fara wallafa sakamakonsa a 1951, kuma ɗaliban jami'a ya gwada, ba yara ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi amsar kuskure aƙalla sau ɗaya. Sai dai abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne wannan: da aka sa mutum ɗaya tak a cikin taron ya faɗi amsar gaskiya, bin kuskuren ya ragu ƙwarai da gaske. A bar wannan bayani a rubuce a allo har ƙarshen zama, za a koma gare shi.

Siffofin matsin lamba (10:00 zuwa 10:30)

A raba katuna, kowa ya rubuta jimla ɗaya da ya taɓa ji ana amfani da ita wajen tunzura wani, ba tare da ya sa sunansa ba, ya jefa a akwati. Malama ta riƙa zarowa tana karantawa. Za a ci karo da irin su "kowa ma yana yi", da "sau ɗaya ne kawai", da "ba wanda zai sani", da "ba ka waye ba", da "ashe ke ba ƙawata ba ce". Matasan su ware su da kansu: wanne ne gori, wanne ne lallashi, wanne ne barazanar yanke abota. Sannan a tambaye su game da matsin da ba ya zuwa da magana ko kaɗan, kamar a yi shiru idan mutum ya iso, ko a cire shi daga zauren hira na waya, ko ya ga hotunan fitar da aka yi ba a gayyace shi ba. Wannan nau'in ya fi ciwo, kuma shi ne manya suka fi kasa gani.

A nan ya dace a yi musu bayani na minti biyar kan abin da ke faruwa a jikinsu. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna sakamako da danne zuciya, ba ya gama ƙosawa sai mutum ya haura shekara 20. A wani bincike da Margo Gardner da Laurence Steinberg suka wallafa a 2005, an ba mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, sai aka ga matasa suna ƙara yin ganganci idan sa'o'insu suna kallo, alhali manya ba su canja sosai ba. A faɗa musu wannan domin su san ƙarfin abin da suke fuskanta, amma a kiyaye kada ya zame musu uzuri.

Kafin hutu, a jefa musu karin maganar nan, "zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai", a tambaye su ko tana aiki idan abokin na kirki ne. Za su kawo misalan abokan da suka ja su zuwa karatu ko suka hana su faɗa.

Hutu na minti 15.

Auna zaɓi (10:45 zuwa 11:35)

A kasa mahalarta gida huɗu, kowane rukuni mutum shida, a ba kowanne labari ɗaya a rubuce.

Na farko, ana cikin jarrabawa, babban amininka ya taɓo ka ta baya yana raɗa cewa ka karkata takardarka, kuma ka san idan ya faɗi a wannan darasi zai maimaita aji. Na biyu, an turo hoton wata 'yar ajinku a zauren hira ana yi mata dariya, mutum goma sun riga sun tofa albarkacin bakinsu, ke kuma an kira sunanki ana jiran naki. Na uku, an miƙo maka ƙwaya a wajen taron abokai an ce tana kawar da damuwa, kuma wanda ya miƙo ɗin shi ne ya tsaya maka ranar da wasu suka tare ka. Na huɗu, ƙawarki ta roƙe ki ki gaya wa mahaifiyarta cewa tare kuke, alhali ta tafi ganin wani babban mutum da ta haɗu da shi ta waya.

Kowane rukuni ya bi labarinsa da tambayoyi huɗu: wa abin zai shafa, kuma wa zai cutu? Da ni aka yi wa haka, zan yarda? Zan iya yin wannan a gaban wanda nake jin nauyinsa? Ina wannan zaɓi zai kai ni bayan mako ɗaya, da kuma bayan shekara ɗaya?

An zaɓi labaran ne da gangan domin kowannensu ya haɗa abubuwa biyu masu daraja suna karo da juna, wato amana ga aboki da gaskiya, ko riƙon sirri da kare wani daga cuta. Malamai kada su yi gaggawar yanke hukunci. Labari na huɗu ne zai fi jawo gardama, domin 'yan mata da yawa za su ce tona asirin ƙawa cin amana ne, kuma ya kamata a saurare su har su gama. Sai dai a nan malama ba za ta bar maganar a buɗe ba: bayan an tattauna, ta faɗa a sarari cewa idan babba yana neman keɓewa da yarinya a ɓoye, sanar da wani babba amintacce shi ne riƙon amanar ƙawar.

Gwajin baki (11:35 zuwa 12:30)

Wannan shi ne ƙashin bayan bitar, kuma idan lokaci ya ƙure a rage wani sashe, kada a taɓa wannan. Kowane rukuni ya mai da labarinsa ɗan gajeren wasan kwaikwayo sau biyu. A karo na farko wanda ake matsa wa yana shi kaɗai. A karo na biyu mutum ɗaya daga cikin taron ya goya masa baya da kalma ɗaya ko biyu, kamar "ku ƙyale shi, ya ce ba ya so", ko "ni ma ba na ciki". Bayan kowane wasa a tambayi wanda aka matsa wa yadda ya ji a karo na biyu, sannan malam ya nuna abin da ke rubuce a allo tun safe game da gwajin Asch.

Daga nan a zauna bibbiyu, kowa ya gwada ƙin amincewa da bakinsa har sai jimlar ta zauna masa. Amsa gajera ta fi doguwa, domin duk dalilin da mutum ya kawo, mai matsa masa zai nemi hanyar rushe shi. "A'a, ba na yi" ta isa, kuma idan aka sake tambaya a sake maimaita ta. Wani zai fi jin daɗin mai da abin raha, wani ya jingina da gida ya ce "Baba zai gane, ba zan iya ba", wani kuma ya tashi ya bar wurin. Duk suna da amfani, kuma malamai su gaya musu gaskiya cewa wani lokaci ƙin yarda yana jawo gori ko ma rasa aboki, kada a yi musu alkawarin cewa kowa zai yaba musu.

Rufewa (12:30 zuwa 1:00)

Kowa ya karɓi sabon kati ya rubuta abubuwa uku da zai riƙe wa kansa: jimlar da zai faɗa idan an matsa masa, da sunan aboki ɗaya da za su riƙa tsaya wa juna, da sunan babba ɗaya da zai iya kira ko da tsakar dare ne. Ba za a karɓi katin ba, kuma ba za a karanta shi a bainar jama'a ba. Wanda ya kasa samun sunan babba, malamai su lura da shi su same shi a keɓe bayan an tashi.

Malaman biyu za su zauna a ɗakin na tsawon minti 30 bayan an sallami kowa, ƙofa a buɗe, domin wanda yake da magana yakan jira sai an watse. Idan wani ya kawo batun cin zarafi ko shaye-shaye ko tunanin cutar da kansa, a saurare shi ba tare da tsawa ba, a gaya masa matakin da za a ɗauka da wanda za a sanar, kuma a miƙa batun ga jami'in kula da walwalar yara a ranar. Za a sake haɗuwa bayan mako biyu, na tsawon awa ɗaya, kowa ya zo da katinsa.