Gabatar da Mara Lafiya a Taron Safe: Yaron Gado na 4, Ɗakin Yara

Assalamu alaikum. Likita, ranka ya daɗe, Sista da sauran abokan aiki, barkanku da asuba.

Halin da ake ciki

Yaro ne ɗan shekara 2, nauyinsa kilo 10, daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Anka. Shekaranjiya aka kwantar da shi. Daren jiya ya yi jijjiga sau 3, ta ƙarshe sai da muka ba shi diyazefam miligiram 5 ta dubura. Zazzaɓi ya sauka, amma yaron bai farfaɗo ba, wannan ne ya hana ni sukuni.

Tarihi

Ya zo da zazzaɓi da amai na kwana 4. Gwajin maleriya ya nuna akwai, ya karɓi allurar atesunet miligiram 30 sau 3 a kan lokaci.

Da na zauna da uwar cikin dare ne sauran bayanin ya fito. Mijinta mai haƙar zinari ne, yana kawo duwatsu gida a buhu, ita kuma ta daka su a tsakar gida, a turmin da take surfen gero. Nan yaron yake wuni, komai ya tsinta sai baki. Ta ce tun kafin zazzaɓin, kusan wata guda, ya daina cin abinci, ga yawan kuka, ga taurin bayan gida, 'yan kalmomin da ya fara furtawa ma sun ɗauke. Yayarsa ta rasu bara da irin wannan jijjigar, Allah ya jiƙanta. Ba a kai ta asibiti ba.

Abin da na gani

Zafin jiki 37.2, sukari 5.1, himoglobin 7.2. Ma'aunin suma na Blantyre 3 cikin 5. Wuya bai sanƙare ba, yana fitsari. Na wanke yatsansa da sabulu sosai kafin gwajin dalma, duk da haka na'ura ta nuna `HIGH`, wato ya haura mikrogiram 65 a desilita, alhali daga 45 ake fara magani.

A ganina gubar dalma ce ta taɓa ƙwaƙwalwa, maleriya ta zo ta lulluɓe ta. Haka yaran ƙauyukan Dareta da Abare na nan Anka suka riƙa zuwa a 2010, lokacin da dalmar da ke cikin duwatsun zinari ta sa musu guba. Sanƙarau dai ban cire shi gaba ɗaya ba.

Shawara

Likita, ina roƙon ka duba shi yanzu, kafin zagaye. A ɗebi jini ta jijiya don tabbatar da adadin dalmar, tare da gwajin ƙoda da hanta, amma kada mu jira sakamako kafin a fara maganin fitar da gubar. In akwai kalsiyam EDTA, ita ce zaɓina. In babu, DMSA miligiram 100 sau 3 a rana ta robar hanci. A ƙara seftiriyazon saboda zargin sanƙarau, ɗiban ruwan baya kuma a dakata tukuna. Za mu riƙa duba shi duk awa.

Ƙannensa na gida ɗaya su 2, da kishiyar uwar mai juna biyu, a kawo su gwaji yau. Kuma kada a sallame shi zuwa gidan nan sai an kwashe ƙasar tsakar gidan. Sista, wa zai yi magana da uban? Da azahar zai iso.