Rajistar haɗurra: rumbun tsimi na ƙungiyar mata, Maraɗi

Aiki: gina ɗakin ajiya ɗaya, a sayi gero da wake da kaka, a sayar wa mambobi da rahusa in damina ta faɗi.

Yiwuwa da illa daga 1 zuwa 5. Maki: yiwuwa sau illa. Abin da ya kai 15, kwamiti zai duba shi kowane mako.

| Haɗari | Yiwuwa | Illa | Maki | Matakin kariya |
|---|---|---|---|---|
| Ƙwari su huda wake | 4 | 5 | 20 | A shanya ya bushe ƙarau, a zuba a buhu mai leda biyu ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ledar da ta huje ba ta da amfani, ko hujin allura ne. |
| Gero ya yi tsada kafin a gama saye | 4 | 4 | 16 | A saya a Oktoba da Nuwamba, hannun manoma, kafin 'yan kasuwa su kwashe. |
| Mambobi su ci bashi su ƙi biya | 5 | 3 | 15 | Kuɗi hannu. Ko matar mai unguwa ce. |
| Sata | 2 | 5 | 10 | Kwaɗo biyu: makulli ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin ma'aji. |
| Siminti ya yi ƙaranci in an rufe iyakar Nijar da Najeriya ta Ɗan Isa | 3 | 3 | 9 | A saye shi duka tun farko. |
| Kwano ya yi yoyo | 2 | 4 | 8 | Magini ya duba a Mayu. Buhuna bisa katako, nesa da bango. |

Magatakarda ce ke riƙe da rajistar.